Yaya don Allah ki gyara min wannan saƙon kafin in tura wa Alhaji

Salamu alaikum Yaya, ina wuni, ya aiki ya yara? Na kira ki sau biyu ɗazu ba ki ɗauka ba na san kina ofis, shi ya sa na ce bari kawai in rubuto in kin samu sarari ki duba.

Maganar hayar shago ce. Kin san ƙarshen Rajab ɗin nan kuɗin ke ƙarewa, kuma bana Alhaji ya ƙara, daga dubu 350 ya koma dubu 450, ɗansa ne ma ya zo ya faɗa mana mu duka 'yan layin. Ni kuma abin da ke hannuna yanzu dubu 200 ne cif, shi ma sai da na ɗebi na adashi na haɗa. Sauran kuɗin duk na zuba su a keken ɗinkin da na saya wancan watan da gyaran janareta, ga fetur da tun da aka cire tallafi a 2023 ba mu sake ganin daidai ba, wuta kuma a layinmu sai ta yini ba ta leƙo ba. So nake in ba shi dubu 200 ɗin yanzu, ragowar dubu 250 ya ɗaga min ƙafa zuwa sati biyu bayan ƙaramar Sallah. Ke ma kin san yadda aikinmu yake, tela kuɗinsa na shekara daga tsakiyar Sha'aban ne zuwa daren Sallah, yanzu haka shadda kala 14 ke rataye a shagon na mutum ɗaya da 'ya'yansa, ko almakashi ban sa ba tukun.

Ga abin da na rubuta:

"Salamu alaikum Baba, ina wuni, ya jiki da iyali. Dama akan maganar kuɗin shago ne, ina da dubu 200 zan turo yanzu, sauran in Allah ya yarda bayan Sallah da sati biyu zan cika. A yi haƙuri da ni. Na gode."

Na karanta ya fi sau goma kuma wani iri nake jin shi, kamar ya bushe, kamar ba roƙo nake ba sanarwa nake ba shi. Don Allah ki gyara min ya yi daɗi.

Na san abin da za ki tambaya, daɗi kamar yaya? To wallahi nan ne ni ma na tsaya. Jiya da dare na zauna na rubuta wani irin na ofis, na fara da "Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ina mai rubuto wannan takarda domin neman alfarma", ina kaiwa nan na fashe da dariya ni kaɗai a shago, sai ka ce mai neman aiki a ƙaramar hukuma. Mutumin da tun ina firamare yake zuwa gidanmu ya zauna a tabarmar Baba a ƙofar gida suna shan fura, shi ya tsaya a kan komai ranar rasuwar Baba, shi ya karɓa min aure, yau kuma in rubuta masa "ina mai rubuto"? Zai ce yaron nan wani ya zuga shi, ko kuma na fara ɗaukar shi bare.

Sai na goge na yi wani na wasa da dariya, na sa har da cewa Baba ɗanka ne fa ya shiga uku bana, a tausaya wa maraya. Shi ma da na sake karantawa da safe sai kunya ta kama ni. Maganar kuɗi ce, kuma kuɗin ba kaɗan ba, kar ya ga kamar ina fakewa da zumuncinsa da Baba in cinye masa haƙƙi. Kalmar marayan nan ma ni da gemuna da 'ya'ya biyu, ai abin dariya ne.

Wani abin da ya ƙara rikita ni, Alhaji yanzu idonsa ba ya ganin rubutun waya sosai, ɗan nasa ne ke karanta masa saƙo, wanda ya karanci lauya ɗin nan, kuma shi ke riƙe da littafin haya da rasit tun bara. Kin ga kenan saƙo ɗaya mutum biyu za su ji shi. Alhaji zai ji da kunnen uba, ɗan kuma zai duba da idon mai lissafi, yana neman nawa ne, yaushe ne, in ba a cika ba fa. Shi ba ruwansa da wata fura da aka sha a ƙofar gida. Ban ce mugu ba ne, yana gaishe ni da mutunci, amma na ga yadda ya yi da mai shagon caji na kusa da ni, wata ɗaya ya ba shi ya ce ya nemi wani wuri.

Abokina mai sayar da yadi a Kwari kuma cewa ya yi duk in bar wannan, in rubuta abin da zai jawo hankalinsu, in nuna musu ribarsu. Wai in ce shekara 6 ina shagon ban taɓa latti ba ko sau ɗaya, ni na yi silin da kuɗina na sa tayil na canza ƙofa, kuma in suka tashe ni yanzu kafin su samu wani su yi fenti ai an yi Sallah an gama. Gaskiya ne duk, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ni gani nake in na jero su haka kamar gori ne, ko ma barazana, kuma ba a yi wa babba haka. Sai dai kuma in ban faɗa ba ɗan ba zai sani ba, lokacin da na yi tayil ɗin yana makaranta a Zariya.

To kin ji inda nake. Ina so a ji ladabi, ina so a ji ni na gida ne, kuma ina so a ce to. Ban san wanne ya kamata ya fi yawa ba, ke kika saba rubuta takardu a ofis kuma kin fi ni sanin halin Alhaji, ke ki zaɓa. In ma kin ga a yi kala biyu ne, ɗaya a karanta wa Alhaji ɗaya in tura wa ɗan daban da lissafin a fili, duk yadda kika gani.

Abin da dai nake so kar ki taɓa: dubu 200 yanzu, dubu 250 sati biyu bayan Sallah, kar ki rage kwanakin don ya yi daɗin ji, ba na son in yi alkawarin da zan kasa cikawa. Kar ki sa Turanci. Kar ki sa sunan marigayi Baba a ciki, in Alhaji ya tuna da kansa shi ke nan. Kuma kar ya yi tsawo, layi shida ko bakwai ya isa, don ɗan in ya ga dogon rubutu taƙaitawa zai yi ya faɗa masa abin da ya ga dama.

Umma ta ce wai in bar wani saƙo in sa hula in je in durƙusa a gabansa bayan la'asar, kuma zan je ɗin, ranar Juma'a nake so. Amma na fi so saƙon ya riga ni isa, saboda na san kaina, ina zama a gabansa ya ce ya bayan rabuwa ya mai ɗakinka, bakina zai mutu in ƙare da gaisuwa in taso ban faɗi komai ba.

In da hali ki turo min kafin gobe da azahar. Atamfarki kuma na yanka, saura hannu da zif, ki turo yaro ranar Asabar ya karɓa.