Amsar takardar neman shaida a kan Malam Nasiru

Sakkwato, 14 ga Maris

Zuwa ga Manajan Ɗaukar Ma'aikata,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarku ta iso mu.

Malam Nasiru ya yi shekara 4 a hannuna yana riƙe da sitonmu na fata da ƙirgi. Abin da ya shiga da abin da ya fita duk da hannunsa yake rubutawa, kuma sau 2 a shekara muke ƙidaya. Ban taɓa samun giɓi a littafinsa ba, ko na fatar akuya ɗaya. A wannan sana'a tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kun tambayi halinsa. Mutum ne mai kunya, ba ya hayaniya da leburori, sai dai idan an matsa masa yakan yi shiru maimakon ya kawo ƙara. Ya fi sakewa inda aka fayyace masa aikinsa tun farko. A shekararsa ta farko ya sha makara. Da muka zauna da shi, ya gyara.

Batun shugabantar mutum 20 da kuka ambata, a wurinmu mutum 3 ya jagoranta, shaidata a nan ta tsaya.

Shi ya ajiye aiki don kansa, mun rabu lafiya. In ya dawo, zan ɗauke shi.

Wassalam,
Alhaji Bello
Manajan Sito