Ciwon maƙogwaro: wanne ne na gida, wanne ne na asibiti

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Sarki, Allah ya ja zamani. Allah gafarta malam, Sarkin Aska, iyayena mata, ungozomomi, yayyena da ƙannena, sannunmu da fitowa cikin wannan sanyi. Sunana Hadiza, yawancinku kun sanni a ɗakin shan magani na bakin kasuwa, ni nake duba katin yara ranar awo.

Tunda hunturun nan ya shigo kusan kullum sai an zo min da ƙorafin maƙogwaro, wannan yace yawu ma baya haɗiyuwa, wannan tace yaro ya ƙi tuwo sai kuka. Shi yasa na roƙi Sarki ya tara mu yau. Abin da nake so kowa ya tafi dashi gida shine, ba zafin ciwon ne yake nuna haɗarinsa ba. Wani maƙoshin zai yi maka zafi kamar me amma cikin sati ɗaya ya tafi da kansa, wani kuma zafin kaɗan ne amma shine mai kashe yaro. Abin dubawa shine me ya zo tare da ciwon.

Toh bari mu fara da mai sauƙin, dan shi yafi yawa nesa ba kusa ba. Idan maƙogwaro yana ƙaiƙayi ko zafi, ga majina tana zuba, ga atishawa, ga ɗan tari, murya ta ɗan dishe, amma mutum yana shan ruwa yana cin abinci ko ba yawa, yaro yana tashi yayi wasansa, toh wannan mura ce. Ƙwayar cutar da ke kawo ta bairos ake ce mata, kuma kafso ɗin nan ja da baƙi da ake saya a kemis baya yi mata komai, wallahi ko kwali guda ka shanye. Jiki ne yake yaƙarta da kansa, kwana 3 zuwa 7 ta wuce. Ƙurar hunturu, hayaƙin icce a ɗakin girki, hayaƙin sigari, kwana da baki buɗe saboda hanci ya toshe, duk suna busar da maƙoshi su sa shi zafi ba tare da wata cuta ba.

Irin wannan a gida ake jinyarsa. A sha ruwa mai ɗumi da yawa, kunu, koko, shayi, romo, abinci mai laushi. Babba da yaron da ya iya tofarwa su samu kofi ɗaya na ruwan ɗumi a zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, a ɗaga kai a kurkure maƙogwaro a tofar, sau uku ko huɗu a rana. Zuma tana da kyau sosai, da citta da lemun tsami ɗin da iyayenmu suka saba, ban hana ba. Amma dan Allah jaririn da bai cika shekara 1 ba kar a bashi zuma ko ɗigo, tana iya ɗauke da wata ƙwaya da cikinsa bai kai ya jure ba, shi nono ne maganinsa, a ƙara bashi akai akai. In akwai zafi a sha farasitamol, babba ƙwaya biyu, kar ya wuce sau huɗu a wuni da kwana, na yaro kuma a tambaye mu dan da nauyinsa ake aunawa. Asfirin kuwa ba na yara bane sam.

Yanzu ga wanda yafi damuna, iyaye mata ku matso da kunnuwanku. Akwai ciwon maƙogwaron da yake kama yara musamman ƴan shekara 5 zuwa 15, wato ƴan firamare da ƴan makarantar allo. Shi farat ɗaya yake zuwa, yaro ya kwanta lafiya ya tashi da zazzaɓi mai zafi, haɗiya tana masa wuya, ga kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi in ka taɓa yayi ƙara, wani har da ciwon ciki ko amai. Abin lura kuma, yawanci babu tari babu majina. Ki sa yaron ya buɗe baki yace aaa, ki haska da tocilan ko fitilar waya, za kiga tsokokin nan biyu na gefe da gefe sun kumbura sunyi jawur, wani lokacin da ɗigo ɗigon fari na mugunya a kai. Wannan wata ƙwaya ce daban, bakteriya, kuma ita tana jin magani. Ku kawo shi a ranar ko washegari da safe.

Me yasa nake matsawa? Saboda ko ba a bashi magani ba maƙogwaron zai lafa da kansa, kowa yace Alhamdulillah ya warke. Sai bayan sati 2 ko 3 wani yaron ya fara zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, yau gwiwa ta kumbura gobe idon sawu jibi gwiwar hannu, ciwon yana yawo, sai ace ai sanyi ne ko amosanin ƙashi. A lokacin nan sojojin jikin da suka tashi yaƙar ƙwayar sun juya suna taɓa ƙofofin zuciyar yaron. In abin yana maimaituwa ƙofofin su lalace, sai kaga yarinya ƴar shekara goma sha ta kasa ɗauko ruwa daga rijiya sai haki, ƙafa tana kumbura, ko kuma sai tayi aure ta samu ciki sannan zuciyar ta gaza. Irin wannan jinyar sai asibitin Shika ko na Barau Dikko, kuma wani lokacin sai aikin zuciya, kuɗin da ko gona aka sayar ba lallai ya isa ba. Alhali maganin farkon ba wani mai tsada bane, fenisilin ko amoksisilin na kwana 10, ko allura guda ɗaya. Amma fa kwana goman nan sai an cika su. Abin da nake gani kullum shine yaro ya sha kwana uku yaji sauƙi, uwa ta ɗaga sauran ta ajiye a cikin kwalla dan ƙaninsa. Ki bashi ya shanye duka dan girman Allah. Haka kuma in bayan ciwon maƙogwaro kinga fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ƙoda ce ta taɓu, a kawo shi.

Sai mashaƙo, Allah ya tsare mu. Kun tuna yadda ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, a 2023 kuma ya shigo jihar nan ta Kaduna har aka rasa yara a Kafanchan. Shi mashaƙo yana iya farawa a hankali, zazzaɓin ma ba mai zafi ba, yaro dai yayi laushi. Amma in ka leƙa maƙogwaro za kaga wata fata mai kauri, fari fari ruwan toka, ta manne a ciki, wuya kuma ya kumbura sosai. Kar wanda yasa yatsa ko tsinke ko auduga yace zai kankare ta, jini zata yi kuma tana iya toshe numfashi. Ƙwayar tana sakin dafi da ke zuwa zuciya da jijiyoyi, maganin dafin kuma sai a asibiti. Ana ɗaukarsa ta tari da atishawa, dan haka a raba yaron da sauran yara, kar su haɗa kofi ko cokali, kuma duk ƴan gidan sai an duba su. Rigakafinsa yana cikin allurar Penta da muke yiwa jarirai a sati 6 da sati 10 da sati 14, kyauta. Duk wadda ta san ɗanta bai cika ukun nan ba ta ganni bayan taro, ba faɗa zan yi ba.

Akwai alamomin da in aka gansu ba a jiran gari ya waye, ko ƙarfe biyun dare ne a tada mai mashin. Numfashi yana wahala ko yana wata ƙara in an ja shi. Yawu yana dalala saboda ya kasa haɗiyewa. Baki ya ƙi buɗuwa, ko gefe ɗaya ya kumbura murya ta shaƙe. Yaro ya ƙi nono ya ƙi ruwa, ya wuni bai yi fitsari ba. Wuya ya sanƙare ga ciwon kai mai tsanani, mun san sanƙarau a lokacin zafi. Jijjiga, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓi kawai ya isa dalilin zuwa.

Manya kuma ban bar ku a baya ba. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasala, an sha maganin maleriya bai sauka ba, musamman yanzu da rani da ɓeraye ke shiga rumbu da ɗaki, a zo a duba dan zazzaɓin Lassa yana farawa haka. Ciwon da ya wuce sati bai ragu ba, tarin da ya kai sati 2, muryar da ta dishe sama da sati 3 musamman ga mai shan taba, fari fari a baki da harshe da ya ƙi tafiya, duk na asibiti ne. Mai ciki da mai ciwon suga su kar su daɗe suna jira.

Sarkin Aska, Baba, da izininka zan taɓo maganar beli, kuma da girmamawa nake yi dan kune likitocin garin nan tun kafin a haife mu. Ɗan naman nan da ke reto a tsakiyar maƙogwaro kowa da shi aka halicce shi, in maƙoshi yayi ciwo shima yakan kumbura, in an warke ya koma yadda yake. Ba shine yake kawo ciwon ba, kuma cire shi baya kashe ƙwayar da ke taɓa zuciya. Abin tsoron shine jini ya ƙi tsayawa, ko jariri ya shaƙe da jinin, ko ya kasa kama nono, ko ƙarfen ya ɗauko ciwon hanta daga wani zuwa wani, ko ya jawo tetanos. In kuma mashaƙo ne aka sa aska a ciki, abin ya ƙara muni. Roƙona Baba, in an kawo muku yaro mai zazzaɓi da kumburin wuya ku turo min shi tukuna, maganarku tafi tawa shiga kunnen mutane.

Nasan wani zai ce kuɗin mashin fa, kuɗin magani fa, ga maigida baya nan ya tafi cin rani. Gaskiya ne. Iyayena maza, ku bar izini tun kafin ku tafi, cewa in yaro ya kasa numfashi ko haɗiya a fita dashi ba sai an same ku a waya ba. Leƙa maƙogwaro kuma bana karɓar ko sisi, ku kawo in gani, in na gida ne zan ce ku koma ku bashi kunu.

Yanzu zan zauna a zauren Sarki har azahar, na zo da tocila da katunan rigakafi. Duk mai yaron da ke kukan maƙogwaro ta kawo shi, a fara da masu zazzaɓi. Kafin nan, Inna naga tun ɗazu kina ɗaga hannu, bismillah, muna jinki.