Takardar bita ta Babi na 4: Ma'anar zane-zanen buƙata da samarwa

Wannan takarda ta bi zane-zane biyar da jadawali ɗaya na babin, ta mayar da kowanne jimla ɗaya da ɗalibi zai iya faɗa ba tare da ya buɗe littafi ba. A dukkan zane-zanen farashi yana kan layin tsaye, yawan kaya kuma yana kan layin kwance, tsarin da ya yaɗu ta hannun masanin tattalin arziki Alfred Marshall tun daga 1890.

Zane na 4.1 layi ne mai gangarowa daga hagu zuwa dama, kuma jimlarsa ita ce: idan farashin kaya ya tashi alhali sauran abubuwa ba su sauya ba, yawan abin da masu saye ke son saya zai ragu. Kada a yar da sharaɗin nan na cewa sauran abubuwa ba su sauya ba, domin idan babu shi jimlar ba gaskiya ba ce. Zane na 4.2 kishiyar na farko ne, ba ya buƙatar dogon bayani: hauhawar farashi tana sa masu sayarwa su ƙara yawan kayan da suke fitarwa kasuwa.

Zane na 4.3 shi ne ya fi ruɗa ɗalibai, saboda abubuwa biyu ne aka cusa a cikinsa. Kibiyar da ke bin layin buƙata mai suna D1 daga aya zuwa aya tana nufin farashin kayan ne kaɗai ya sauya, masu saye suka rage ko suka ƙara abin da suke saya. Ɗaya kibiyar kuwa, wadda ta ɗauke layin gaba ɗaya daga D1 zuwa D2, tana nufin a kowane farashi mutane yanzu suna son fiye da abin da suke so a da, ko don kuɗin shigarsu ya ƙaru, ko don wani kayan da ke maye gurbin wannan ya yi tsada, ko don masu saye sun ƙaru. A ganina, duk wanda ya rubuta "buƙata ta ƙaru" ba tare da ya fayyace wace kibiya yake nufi ba, bai amsa tambayar ba tukuna.

A Zane na 4.4 layin buƙata da layin samarwa sun haɗu a kan farashi 10 da yawan kaya 100. Ma'anarsa ita ce, a farashi 10 ne kawai abin da masu saye ke nema ya yi daidai da abin da masu sayarwa suka kawo. Ɗigaggun layukan da ke sama da ƙasa ma magana suke yi. A farashi 12 ana kawo 120 amma ana sayen 90, saboda haka 30 suke yin kwantai har sai an sauko da farashi. Idan kuma hukuma ta ƙayyade farashi a kan 8, za a nemi 110 alhali 80 ne a kasuwa, wato an sami ƙarancin 30.

Jadawali na 4.1 ya nuna cewa da farashi ya tashi daga 10 zuwa 12, ciniki ya sauka daga 100 zuwa 90. Farashi ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, yawan saye ya ragu da kashi 10, kuma idan aka raba 10 da 20 za a sami 0.5. Jimlar da za a riƙe ita ce: masu saye ba sa saurin janyewa daga wannan kaya idan ya yi tsada, shi ya sa kuɗin da masu sayarwa suka tara ya tashi daga 1,000 zuwa 1,080 duk da raguwar ciniki. Da sakamakon ya haura 1, da kuɗin raguwa zai yi.

Zane na 4.5 ya ɗaga layin samarwa sama da 3, wato harajin da aka ɗora wa kowane guda na kayan. Sabon daidaiton yana kan farashi 12 da yawan kaya 90, mai saye yana biyan ƙarin 2, mai sayarwa kuma 9 ne ke rage masa bayan ya biya harajin. Jimlarsa ita ce: ko da mai sayarwa ne ke miƙa harajin ga hukuma, kashi biyu cikin uku na nauyinsa yana kan mai saye, domin shi ne wanda ya fi wuyar janyewa daga kasuwar. Akwatin da aka yi wa inuwa a tsakiyar zanen shi ne kuɗin da hukuma ta tara, 3 sau 90, wato 270.