Jawabin Neman Gudummawar Rufin Azuzuwa Biyu a Makarantar Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Mai Unguwa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mutanen Unguwar Rogo, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi. Ina magana ne da yawun kwamitin iyayen yara, kuma ba zan tsare ku ba.

Ku dubi bayana. Azuzuwa biyun nan da kuɗinku aka gina su bara, har suka kai linta. A nan aiki ya tsaya. Mun tara naira miliyan 1 da dubu 300, siminti ya tashi muna tsakiyar gini, mu ma kuma mun yi kuskure: mun sauke yashi tifa biyu ana gab da damina, ruwa ya kwashe kusan rabi ya zuba a kwata. Laifinmu ne, yana rubuce a littafin ma'aji, ga shi can kan tebur ga duk mai son dubawa.

Yanzu 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu a ɗaki guda suke, su 94. Benci na mutum uku, biyar ke zama a kai. Shekaranjiya na shiga da safe, na tarar da wata yarinya ta ɗora littafi a gwiwa tana rubutu, hannu na rawa, don tagar da ke kusa da ita buhu aka toshe ta da shi. Kun san hunturun Jos, ba sai na faɗa ba.

Abin da muke nema rufi ne da tagogi, shi ke nan. Kafinta ya yi mana lissafi bayan mun zaga Kasuwar Katako tare: kwano naira miliyan 1 da dubu 100, katako da ƙusa dubu 800, tagogi dubu 200, kuɗin aiki dubu 300. Jimla miliyan 2 da dubu 400. Muna da dubu 900 a hannu, saura miliyan 1 da dubu 500. Wannan kuɗin bai haɗa da filasta ko bencina ba, kada wani ya zo ya ga bango tsirara ya ce an ci amana.

Gaggawar ita ce ruwa yakan sauka a watan Afrilu. In ginin nan ya sake kwana damina a buɗe, bulo zai fara zubewa.

Mun san halin da ake ciki, buhun masara ma ya gagari wasu gidajen. Mai dubu ɗaya ya kawo, mai falle ɗaya na kwano ya kawo, matasa masu ƙarfi muna buƙatarku ranar ɗora katako. Ma'aji na bakin ƙofa, kada kowa ya ba da ko sisi bai karɓi rasit ba. Duk Juma'a za mu manna lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a jikin allon sanarwa.

Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuriya. Malam, bismillah, a yi mana addu'a.