Bayanin Aiki: Jami'in Kula da Shigowar Kaya daga Arewa

Kamfaninmu na dillancin albasa, tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, Legas, ya buɗe wannan sabon gurbi ne saboda asarar damina ta ishe mu. Mota ta taso daga Kano ko Sakkwato, ta yi kwana uku a hanya, ta iso cikin dare babu mai tarbarta, kafin asuba tumatir ya fara ruwa.

Jami'in zai kasance ƙarƙashin Manajan Ayyuka kai tsaye, shi zai riƙa ba rahoto kowace Litinin. Magatakardan sito biyu da shugaban masu sauke kaya kuma suna ƙarƙashinsa.

Babban aikinsa bin sawun kowace mota ta waya, tun daga lodi har ta wuce Ibadan, da tanadar mata wurin tsayawa da 'yan dako. Shi zai ƙirga buhuna da kwanduna a gaban direba, ya ware lalatattu, ya rubuta, su sa hannu tare. Wannan rubutun ba wasa ba ne, don da shi muke biyan manoma haƙƙinsu. Sai kuma sasantawa da shugabannin kasuwa da 'yan kamasho. Jin Yarbanci zai taimaka ƙwarai.

Bayan wata shida za a auna shi da waɗannan: a sauke kowace mota cikin awa 4 da isowarta, asarar tumatir ta sauko daga kwando 15 cikin 100 zuwa 8, lissafin kowace rana ya isa ofis kafin ƙarfe 6 na yamma.