Yarjejeniyar Aiki Tsakanin Sashen Kwamfuta da Sashen Kuɗi

Sassan biyu sun amince da waɗannan sharuɗɗa na tsawon shekara guda, daga 1 ga Janairu, 2026.

1. Duk matsalar da ta taso, Sashen Kuɗi zai shigar da ita a manhajar kai ƙorafi. Tare ma'aikaci a bakin ƙofa ko kiran wayarsa ba ya cikin lissafi. Daga lokacin da aka shigar ake fara ƙirga.

2. Idan manhajar albashi ta tsaya cak, Sashen Kwamfuta zai amsa cikin minti 30, ya tashe ta cikin awa 4. Daga 25 ga wata zuwa ƙarshensa kuwa awa 2 ne, ko da an tashi aiki, domin jinkirin albashi kan kowa yake faɗawa, daga maigadi har darakta. Ƙananan matsaloli, kamar firinta ta ƙi bugawa ko an manta kalmar sirri, kwana 1 na aiki.

3. Ba za a kashe manhajar albashi don gyara ba sai da sanarwar kwana 3, kuma ban da makon albashi.

4. Sashen Kuɗi zai ware mutum ɗaya da za a riƙa tuntuɓa. Duk lokacin da aka ɓata ana jiran bayani daga wajensa, ba a wuyan Sashen Kwamfuta yake ba.

5. Idan wa'adi ya wuce, magana ta koma gaban shugabannin sassan biyu a ranar. In aka saɓa sau 3 cikin wata guda, sai a kai wa Daraktan Gudanarwa.

Za a zauna duba alƙaluma duk bayan wata 3.

Shugaban Sashen Kwamfuta da Shugabar Sashen Kuɗi sun sa hannu yau, 15 ga Disamba, 2025.