Bayani kan rashin zuwan Hauwa'u makaranta da taimakon da take buƙata

Unguwar Rimi, Kaduna
20 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Shugabar Makaranta,

Assalamu alaikum, Hajiya. Da fatan kina lafiya, ya aiki da fama da yara? Allah ya taimaka.

Ni ce mahaifiyar Hauwa'u Sani ta aji 5. Malamar ajinsu ta aiko tana tambayar dalilin yawan fashinta tun zangon da ya wuce, shi ya sa na ga ya kamata in yi miki bayani a rubuce.

Hauwa'u tana da amosanin jini, wato sikila. Da shi aka haife ta, jininta SS ne, ni da mahaifinta kuwa AS. Ba a ɗaukarsa ta zama tare ko cin abinci kwano ɗaya. Idan ciwon ya tashi, ƙwayoyin jininta ne ke lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya kama ciwo. Hajiya, yarinyar da ta kwanta tana hira, cikin dare za ki ji tana kiran bayanta da gwiwoyinta, ko zane ba ta so ya taɓa ta. Wani lokaci magani da ruwan ɗumi sun isa, wani lokaci sai an kwantar da ita a Asibitin Barau Dikko an yi mata ƙarin ruwa. Ko an sallame ta, takan ɗauki kwanaki kafin ƙafa ta ɗauke ta.

Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro da wahalar jiki su ne ke tayar mata da shi, ga shi muna tsakiyar hunturu. Don haka nake roƙo a bar ta da rigar sanyi da safa ko ba kalar yunifom ba ne, a kuma nisanta kujerarta da taga. A bar gorar ruwanta a kan tebur, in ta nemi zuwa bayi a ƙyale ta, domin masu wannan ciwo suna yawan fitsari. Batun da ya fi damuna shi ne horo: ranar da aka sa ta durƙuso a rana saboda makara, a asibiti muka kwana. Don Allah a ɗauke mata bulala, tsallen kwaɗo da gudu.

Idan jikinta ya yi zafi, ko ta ce ƙirjinta na ciwo, ko aka ga bakinta ya karkace ko hannu ya saki, kada a jira a tashi, a kira mu nan take. Kada kuma a sa mata ruwan sanyi a inda ke ciwo.

Game da karatu, yayanta zai riƙa zuwa karɓar aikin da aka bayar, muna kuma roƙon a ba ta damar rubuta gwajin da ya wuce ta. Tana son lissafi ƙwarai, kuma tana tsoron a ce ta maimaita aji.

Na haɗo da takardar likita, lambobin wayarmu suna bayanta. Duk ranar da kika sa, zan zo mu zauna tare da malamarta.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Maryam Abdullahi